Takardar ƙiyasin gini: shin jimillar da ke ƙasa ita ce kuɗin aikin?

Idan ɗan kwangila ya kawo takarda mai shafi biyar ko goma, ya ja layi biyu a ƙarƙashin wata lamba ya ce ga kuɗin aikinku, wannan lambar ce za a biya? Tambayar ke nan da ke raba kan kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya a Aboabo da Asawase da Sabon Zango a nan Ghana, ita ce kuma ke haɗa 'yan'uwa faɗa idan wanda ke Jamus ko Amurka ya turo kuɗin gini, aka wayi gari kuɗi sun ƙare bango bai kai linta ba. Nan da nan sai a ce an ci kuɗi. Wani lokaci an ci ɗin. Amma sau da yawa ɓarnar tana kwance a cikin takardar tun ranar da aka sa hannu, babu wanda ya ɗauki kalkuleta ya bi ta layi-layi. Kowa ya buɗe shafin ƙarshe ya duba jimilla, ya rufe.

Abin da takardar ta ƙunsa

Takardar ƙiyasi, wadda masu harkar ke ce wa bil, ba jerin kayan da za a sayo a kasuwa ba ce. Jerin ayyuka ne da aka auna daga zanen gini. Kowane layi yana da abu biyar: bayanin aikin, ma'aunin da aka auna shi da shi, yawansa, farashin ɗaya, sai kuɗin layin. Kankare da kubik mita ake auna shi, bango da filasta da murabba'in mita, rodi da kilo, ƙofa da taga da ƙidaya. Farashin ɗaya kuwa ya haɗa komai: kaya, ladan magina da leburori, asarar da ba a rasawa wajen aiki, da ribar ɗan kwangila. Don haka idan aka rubuta sidi 165 a kan murabba'in mita ɗaya na bango, ba kuɗin bulo kaɗai ake nufi ba, bangon ne a tsaye da simintinsa da ladan wanda ya jera shi.

Ƙa'idar takardar ɗaya ce: yawa sau farashi shi ne kuɗin layi. Kuɗin layuka su ke haɗuwa su ba da jimillar shafi, jimillar shafuka a kwashe su zuwa shafin taƙaitawa, a can a ɗora ko-ta-kwana da haraji. Jimillar ƙarshe ba ta da wani tushe nata, daga waɗannan ta fito. Idan layi ɗaya ya karkace, ita ma ta karkace.

A manyan ayyuka ƙwararren mai ƙididdigar gini ne ke shirya wannan takarda, irin waɗanda ke fitowa daga jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi. A zango kuwa galibi shugaban magina ne ke rubuta ta, ko ya faɗa wani yaro ya buga masa a kwamfuta.

Shafi ɗaya, mu bi shi

Mu ɗauka kwamitin wata makaranta yana son ƙara aji ɗaya, tsawo mita 9, faɗi mita 7, bango mita 3, ƙofa ɗaya, taga huɗu. Farashin da ke nan na misali ne, don kasuwar siminti da rodi ba ta zama wuri ɗaya. Lissafin ne abin lura. Ga shafin da ɗan kwangila ya kawo:

| Aiki | Yawa | Farashin ɗaya | Kuɗin layi |
|---|---|---|---|
| Kankaren tushe | kubik 4.32 | 1,450 | 6,264 |
| Kankaren daɓe | kubik 9.45 | 1,600 | 15,210 |
| Bangon bulo inci 6 | murabba'i 96 | 165 | 15,840 |
| Filasta ciki da waje | murabba'i 192 | 45 | 864 |
| Rodi milimita 12 | kilo 188 | 16 | 3,008 |
| Jimillar shafi | | | 41,186 |

Wanda ya tara ginshiƙin ƙarshe zai samu 41,186 daidai, ya ce takarda lafiya lau. Nan ne tarkon farko. Tarawa tana nuna cewa an iya haɗa lambobin da aka rubuta, ba ta nuna cewa lambobin daidai suke ba. Sai an rufe ginshiƙin ƙarshe da tafin hannu, a ninka kowane layi da kai, sannan a buɗe a kwatanta.

Layin farko ya fita: 4.32 sau 1,450 ya ba da 6,264. Na biyu kuwa 9.45 sau 1,600 ya ba da 15,120, amma an rubuta 15,210. Lamba biyu ne suka yi musayar wuri. Irin wannan yana da alama da masu riƙe littafin kuɗi suka daɗe da sani: idan lambobi suka yi musaya, bambancin kullum yana rabuwa da tara ba saura. A nan bambancin 90 ne. Wannan kusan ko yaushe zamewar hannu ce, ba ha'inci ba.

Layin filasta shi ne babba. 192 sau 45 ya ba da 8,640, ba 864 ba. Sifili ɗaya ya faɗi, ya tafi da sidi 7,776. Idan aka gyara layukan biyu, shafin ya tashi daga 41,186 zuwa 48,872.

A ƙasar nan faɗuwar sifili tana da wani dalili da ba a cika samu a wasu wurare ba. Tun 2007 aka sauya kuɗi, tsohuwar sidi dubu goma ta koma sabuwa ɗaya, amma har gobe dattawa da magina da yawa da tsohon lissafi suke magana, su ce miliyan ɗaya suna nufin sidi ɗari. Magini ya faɗi farashi da miliyoyi a baki, yaro ya juya shi a kansa yana bugawa, sifili huɗu ake cirewa, idan ya cire biyar ko uku ba wanda zai lura. Shi ya sa ya kamata a saman kowane shafi a rubuta cewa da sabuwar sidi ake lissafi, jimillar ƙarshe kuma a rubuta ta da lamba da kalmomi.

Kuskuren ba ya tsayawa a shafinsa. Idan an ɗora kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, a kan lambar da ba daidai ba aka ɗora shi: 4,118.60 maimakon 4,887.20. Takardar da ta ce 45,304.60 ashe 53,759.20 ce. Idan akwai wani ɗan kwangila da ya kawo 50,500 aka ce ya yi tsada aka sallame shi, to mai arha aka kora.

Kuskuren da ya rage kuɗi, na wa ne?

A nan ake samun sabani, kuma kowane ɓangare yana da hujja. A zaman kwamiti za ka ji shugaba ya ce, "Malam, mu abin da ka rubuta muka gani, a kai muka tara kuɗin jama'a ranar Juma'a. Ba mu muka ce ka yi kuskure ba." Ɗan kwangila ya ce, "Alhaji, ka duba da idonka, na rubuta 192, na rubuta 45. Wa ke yin filastar aji ciki da waje a kan 864? Ko ladan leburori bai kai ba."

Aikin gwamnati ya riga ya yanke wannan. Dokar sayen kaya da ba da kwangilar gwamnati ta 2003, mai lamba 663, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta tanadi a gyara kuskuren lissafi tsantsa lokacin tantance takardun masu neman aiki, a sanar da mai takardar. Ƙa'idar da aka saba bi a takardun neman kwangila ita ce idan farashin ɗaya da kuɗin layi suka saɓa, farashin ɗaya ake riƙewa a gyara kuɗin layi, sai fa idan a fili yake cewa ɗigo ne ya ɓace wurinsa a cikin farashin kansa. Idan lamba da kalmomi suka saɓa, kalmomi ake bi. Wanda ya ƙi amincewa da gyaran, an ajiye takardarsa. Abin lura shi ne ana yin wannan kafin a zaɓi wanda za a ba aiki, ba bayan an haƙa tushe ba.

Akwai wata hanyar da ake bi a kwangilar da aka yi a kan dunƙulallen kuɗi: a nuna wa ɗan kwangila kuskurensa, a ce ko ya tsaya a kan jimillar da ya faɗa ya ɗauki asarar, ko ya janye. Aikin kwamiti ko na gida ba ya ƙarƙashin dokar gwamnati, abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ke aiki. Matsalar ita ce yawanci ba a rubuta komai ba, ba a ma tantance ko dunƙulallen kuɗi aka yi ko za a sake auna aiki a biya a kan farashin ɗaya.

A ganina kwamitin da ya ga kuskure irin na filasta ya yi shiru don ya ci bulus, kansa ya cuta. Ƙaramin ɗan kwangila ba ya da inda zai ɗauko sidi dubu bakwai da ɗoriya ya zuba a aikin wani. Daga ginin zai fitar da su. Buhun simintin da ya kamata ya yi kwaɓi ɗaya zai yi ɗaya da rabi, filastar ta zama siririya, damina biyu ta fara zubowa. Ko kuma ya ɗauke ƙafa a bar aji ba rufi, a shiga kai ƙara wurin liman da sarkin zango.

Kada kuma a ɗauka duk kuskuren da ya rage jimilla na rashin sani ne. Wanda ya san cewa da farashin ɗaya za a biya shi a ƙarshe zai iya barin sifili ya faɗi da gangan, takardarsa ta fito mafi arha. Ba a iya gane niyya daga takarda. Abin da ake iya yi shi ne a gyara ta kowa kafin a kwatanta, sai dabarar ta zama ba ta da amfani.

Layin da ya ninku daidai amma bai yi daidai ba

Layin bango ya tsallake gwajin kalkuleta: 96 sau 165 lallai 15,840 ne. To daga ina 96 ta fito? Kewayen ajin mita 32 ne, tsayin bango mita 3, an ninka an samu 96. Wato an lissafa bango rufe ruf, ba ƙofa ba taga. Ƙofa mai faɗin mita 1.2 da tsayin 2.1 ta ɗauke murabba'i 2.52. Taga huɗu, kowace 1.5 da 1.2, sun ɗauke 7.2. Gaba ɗaya 9.72 ne na rami da ba za a jera bulo ko ɗaya a ciki ba. Bangon gaskiya 86.28 ne, kuɗinsa 14,236.20. Kwamiti zai biya sidi 1,603.80 na bangon da babu shi, sannan ya sake biyan ƙofa da tagogi a nasu layin.

Kuma kuskuren yawa yana haihuwa. Filasta daga bango aka ɗauko ta, 96 sau biyu. Da aka gyara bango sai ta koma 172.56, kuɗinta 7,765.20. Gefen ƙofa da na taga ma ana shafe su, amma ɗan kaɗan ne, idan ana so a ba su layinsu daban. Yanzu shafin ya tsaya a 46,393.40. Lamba uku ke nan daga shafi ɗaya: 41,186 da aka rubuta, 48,872 bayan gyaran ninkawa, 46,393.40 bayan an koma ga zane. Ta ukun ce kuɗin aikin.

Wannan mataki ba ya bukatar digiri, yana bukatar zanen ginin da tef na awo. Kankaren daɓe tsawo ne sau faɗi sau kauri: 9 sau 7 sau 0.15 ya ba da 9.45, ya yi daidai da takarda. Amma a lura da kaurin da aka rubuta a bayani. Idan takarda ta ce milimita 150 aka zuba 100, kashi ɗaya cikin uku na kankaren ya tafi, kubik 3.15, wato sidi 5,040, kuma da zarar ya bushe ba mai gani daga sama. Ranar zubi ake auna shi, a jikin katakon da aka kafa a gefe.

Rodi yana da nasa lissafin mai sauƙi. Nauyin mita ɗaya shi ne kaurinsa sau kaurinsa a raba da 162. Na milimita 12 ya ba da kusan kilo 0.89. Idan guda huɗu suka zagaye linta mita 32, fila shida kuma kowace ta ɗauki guda huɗu masu mita 3.5, tsawon ya kama mita 212, nauyi kilo 188. Takarda ta yi daidai. Sai dai a kasuwa akwai rodin 11.5 da ake sayarwa kusa da na 12, ido ba ya raba su, kuma wannan tsawon da shi kilo 173 ne kawai. Shafin nan kuma bai ambaci ƙananan zoben da ake ɗaure rodin da su ba, bai ambaci haƙa tushe ba, bai ambaci katakon da ake kafawa a zuba kankare ba. Ko suna wani shafi, ko za su dawo daga baya da sunan ƙarin aiki. Layin da ba a rubuta ba kalkuleta ba ta ganinsa, sai wanda ya tsaya ya jero aikin a kansa daga haƙa har rufi.

Shi kansa farashin

Farashin ɗaya ciniki ne, ba lissafi ba, don haka ba a cewa ya yi kuskure kai tsaye. Amma ana iya auna shi. Kankaren da aka kwaɓa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu yana cin buhu shida zuwa shida da rabi mai kilo 50 a kowane kubik. Daɓen ajin nan zai ci kusan buhu 60. A tambayi kuɗin buhu a shago yau, a ninka da shida, a cire daga farashin kubik ɗaya. Abin da ya rage shi ne na yashi da tsakuwa da ruwa da leburori da riba. Idan bai isa ba, wanda ya rubuta farashin bai yi niyyar zuba buhu shida ba.

Haka bulo. Mai tsawon milimita 450 da tsayin 225 yana tafiya kusan goma a murabba'in mita. Idan masu buga bulo sun rage shi zuwa 400 da 200, sai an kai sha biyu. A ɗauki guda ɗaya daga wanda aka sauke a auna.

Wani abin da ba ya fitowa a jimilla shi ne a cika farashin ayyukan farko, tushe da daɓe, a rage na ƙarshe, fenti da tayil. Jimilla ba ta canja ba, amma ɗan kwangila ya kwashi ribarsa tun gini yana ƙasa, abin da ya rage masa a aikin bai kai ya riƙe shi ba. Ana gane wannan ne idan aka jera takardu biyu ko uku gefe da gefe, layi da layi.

Idan a kwamfuta aka buga

Mutane suna ganin abin da ya fito daga Excel ba ya kuskure. Manhajar tana ninkawa ne a gidan da aka sa mata dabarar ninkawa. Inda aka buga lamba da hannu, abin da aka buga take nunawa. A nemi fayil ɗin kansa, ba hotonsa a waya ba. Idan yawa yana ginshiƙin C, farashi a D, kuɗin layi a E, a buɗe sabon ginshiƙi a sa wannan, a ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(C5*D5,2)-E5
```

Duk inda ba sifili ya fito ba, a tsaya a duba. Sannan a danna gidan jimilla a ga iyakar abin da take tarawa. Idan ta ce `=SUM(E5:E9)` alhali an ƙara layi na goma daga baya, wannan layin bai shiga ba. A duba lambobin layuka a gefen hagu. Idan suka tsallaka daga 12 zuwa 15, akwai layukan da aka ɓoye, kuma jimilla tana ƙirga su. Bambancin pesuwa kaɗan kuwa ba abin tada hankali ba ne, galibi yawan yana da lambobi bayan ɗigo da allon bai nuna ba.

Shafin taƙaitawa

Bayan layuka sai a bi kowace jimillar shafi zuwa inda aka kwashe ta. Shafi yakan shiga sau biyu, wani kuma a manta da shi. A nan ne kuma ake samun layukan da ba su da yawa ba su da farashi, dunƙule kawai, kamar a ce aikin wuta kaza. Irin wannan kuɗin ajiya ne na aikin da ba a auna ba tukuna, ana biyan abin da aka kashe ne a cire ko a ƙara. Ko-ta-kwana ma haka take: ta mai gini ce, ba a taɓa ta sai da izininsa, idan ba a bukace ta ba ba a biya. Da yawa suna miƙa ta ga ɗan kwangila tare da sauran kuɗi kamar ladansa ce. Haraji kuma a tambaya a fili ko yana cikin farashin layuka ko a ƙarshe za a ɗora shi, don kada a ɗora sau biyu.

Idan an gama, ba a goge lambar da ta karkace. A ja mata layi ɗaya yadda za a iya karanta ta, a rubuta sabuwar a sama, shugaban kwamiti da ɗan kwangila su sa hannu a gefen kowane gyara, kowa ya riƙe kwafi. A ƙara jumla biyu a ƙasan takardar: cewa idan farashin ɗaya da kuɗin layi suka saɓa farashin ɗaya za a bi, da cewa za a biya ne a kan abin da aka auna a wurin gini. A misalin ajin nan, wannan na nufin ranar da bango ya kai linta mutum biyu su ɗauki tef su auna shi, su cire ƙofa da tagogi, su ninka da 165, abin da ya fito shi ma'aji zai ƙirga.